Sauya Faifan Kwaikwayo Tsakanin VMDK, VHDX da VDI: Inda Aiki Ke Lalacewa

 

An nemi in yi magana a kan sauya faifan kwaikwayo daga wani tsari zuwa wani. Umarnin da ke yin wannan aiki layi ɗaya ne tak, kuma da shi kaɗai aka zo ji, da mun watse kafin a gama rarraba ruwa. Abin da ya sa batun ya isa lacca shi ne manhajar da ke sauyawar tana iya kai wa kashi ɗari bisa ɗari, ta tsaya lafiya ba ƙorafi, alhali abin da ta ba ka ba zai tashi ba, ko kuma ya tashi da bayanan da ba su ne kake nema ba. Na biyun ya fi na farko muni nesa ba kusa ba, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Kwamfutar kwaikwayo, wadda kuke gani a allo da sunan VM, ba ta da faifan ƙarfe nata na kanta. Fayil ne zaune a kan kwamfutar gaske, manhajar kwaikwayo ke nuna mata shi a matsayin faifai. Kowane kamfani kuwa da irin nasa fayil ɗin. VMDK na VMware ne. VDI na VirtualBox ne, wanda kamfanin innotek na Jamus ya ƙirƙira, Sun ya saye shi a 2008, sannan ya faɗa hannun Oracle a 2010. VHDX na Microsoft ne, ya zo tare da Windows Server 2012 domin ya gaji tsohon VHD, wanda bai wuce kimanin terabait 2 ba. Shi VHDX yana kaiwa terabait 64, kuma yana da wani kundi a cikinsa inda yake rubuta canjin da zai yi wa tsarin fayil ɗin kafin ya yi, saboda in wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu a iya gyarawa.

A cikin ukun nan abu iri ɗaya ne ake ajiyewa: jerin sektocin faifan, da taswirar da ke cewa sekta kaza tana wuri kaza a cikin fayil. Taswirar ce ta bambanta. Mai sauyawa yana karanta sektocin ta tsohuwar taswira, ya rubuta su da sabuwa. Tamkar juye hatsi ne daga wani buhu zuwa wani: buhun ya canza, amma in da tsakuwa a cikin hatsin tana nan, in kuma buhun bara ka ɗauko, hatsin bara za ka samu. Bai san Windows ba, bai san Linux ba, bai san wace na'ura za a ɗora faifan a kai ba.

Kayan aikin ma ba duka ne ke bin kowace hanya ba, kuma mutane kan ɓata yini kafin su gane haka. Umarnin `Convert-VHD` na PowerShell tsakanin VHD da VHDX kawai yake aiki, bai karanta VMDK. `VBoxManage clonemedium` na VirtualBox yana fitar da VDI, VMDK da VHD, yana iya karanta VHDX, amma ba ya rubuta shi. Wanda ke karanta ukun ya kuma rubuta ukun shi ne `qemu-img`, daga aikin QEMU, kuma da shi zan yi misali.

Mu ɗauka wani ofis yana da sabar Windows a kan VMware Workstation, a cikinta akwai manhajar lissafin kuɗi. Girman faifan gigabait 100 ne. Sun sayi sabuwar na'ura mai Hyper-V, suna so a mayar da sabar can. Ka buɗe foldar, sai ka tarar ba fayil ɗaya ba ne. Akwai `sabar.vmdk` ɗan ƙarami wanda bai wuce 'yan kilobait ba. Akwai `sabar-s001.vmdk`, `sabar-s002.vmdk` da 'yan'uwansu, manya-manya. Sannan akwai `sabar-000001.vmdk` da `sabar-000002.vmdk`, su ma da nasu gutsattsarin. Wanne za ka ba mai sauyawa?

Ƙaramin nan da ido ke rainawa shi ne jagora. Rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da Notepad, kuma a ciki aka jera sunayen gutsattsarin da girman kowanne. Masu `-s001` ɗin su ne ainihin bayanan, an yanyanka su. Wanda ya kwafo manyan ya bar ƙaramin ya kawo bayanai ba taswira. Wanda ya kwafo ƙaramin kaɗai ya kawo taswira ba komai. In gutsure ɗaya ya ɓace a hanya, `qemu-img` zai ce ya kasa buɗe shi. Wannan kuskure ne mai ƙara, kuma kuskure mai ƙara alheri ne. A kan ESXi ma haka abin yake, sai dai babban fayil ɗin yakan ƙare da `-flat.vmdk`.

To, masu lamba `-000001` fa? Waɗannan sinafshot ne. Ranar da wani ya ɗauki sinafshot, VMware ta daina rubutu a kan faifan asali, ta buɗe sabon fayil, duk canjin da aka yi daga ranar nan can yake zuwa. In an sake ɗauka, a sake buɗe wani a kan na farkon. Saboda haka faifan da sabar ke gani yau haɗin ukun ne: asali, da canjin da ke kansa, da canjin da ke kan canjin. A ce an ɗauki sinafshot na farko watanni takwas da suka wuce, kafin a sabunta manhajar lissafin, aka manta da shi. Ma'aikaci ya zo, ya ga `sabar.vmdk`, ya ce ai ga sunan sabar nan, ya sauya shi. Umarni zai tafi daidai. Hyper-V zai karɓi faifan. Windows zai tashi, kalmar sirri za ta buɗe, manhajar lissafi ma za ta buɗe. Komai na nan, sai dai kamar yadda yake watanni takwas baya. In aka yi rashin sa'a ba wanda ya lura a ranar, ma'aikata suka ci gaba da shigar da sababbin rasit a kan tsohon lissafi, aka kuma goge tsohuwar foldar don a sami wuri, to an shiga uku.

Maganin ba shi da wahala. Kada ka yi hasashe da suna, kuma kada ka ce mai lamba mafi girma shi ne na yanzu, domin in an taɓa komawa wani sinafshot na baya lambobin ba sa bin jeri. Ka buɗe fayil ɗin `.vmx`, wanda shi ne bayanin na'urar, ka nemi layin da ke faɗin faifan da take amfani da shi:

```
scsi0:0.fileName = "sabar-000002.vmdk"
```

Wannan shi ne kan sarkar. Sai ka sa `qemu-img` ya bi ta har tushe, ka gani da idonka:

```
qemu-img info --backing-chain sabar-000002.vmdk
```

Zai nuna maka fayil uku, kowanne da sunan wanda yake dogara a kansa. In ka ba mai sauyawa kan sarkar, zai karanta dukansu ya haɗe su wuri ɗaya a sabon faifai. Sinafshot ɗin kansu ba za su biyo ka ba, babu sauran komawa baya a sabon gida, amma bayanan yau za su zo cikakku. Ni dai abin da na fi so, in tsohuwar na'urar tana aiki, shi ne a fara kwafe foldar gaba ɗaya a ajiye gefe, sannan a sa VMware da kanta ta haɗe sinafshot ɗin, ko ta yi cikakken kwafin na'urar. Mai abu ya fi kowa sanin sarkarsa. Wannan tarko ba na VMware kaɗai ba ne. A Hyper-V canje-canjen suna cikin fayiloli masu ƙarewa da `.avhdx`, a VirtualBox kuma suna cikin foldar `Snapshots` da sunaye masu dogayen lambobi. Duk inda ka ga irinsu, faifan asali shi kaɗai tsohon labari ne.

Akwai gargaɗi ɗaya da ke manne da wannan. Kada ka ɗora faifan asali a wata na'ura don ka leƙa abin da ke ciki. Kowane jagoran VMDK yana da lamba mai suna `CID`, ɗansa kuma yana riƙe da ita a matsayin `parentCID`. Da zarar an yi rubutu a kan asalin, lambar ta canza, ɗan ya daina gane uban, VMware ta ce an taɓa faifan asali bayan an haifi na kansa. Ana iya gyara lambar da hannu, amma sektocin da aka taɓa sun riga sun taɓu, kuma Windows da ya tashi sau ɗaya ma ya yi rubutu mai yawa.

Kafin a sauya, sai an kashe sabar kashewa ta gaskiya. Dakatarwa ba kashewa ba ce: abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar yana wani fayil dabam wanda ba zai bi faifan ba. A Windows 10 da 11 kuma akwai Fast Startup, wanda ke sa kashewar yau da kullum ta zama rabin barci, na'urar ta farka tana tsammanin kayan jiya. Umarnin `shutdown /s /t 0` yana kashewa gaba ɗaya. Sauya faifan da ke kan aiki kuwa daidai yake da kwafar faifan da aka fizge wa wuta. Ga masu tahowa daga Hyper-V, in wuta ta ɗauke wa na'urar, kundin nan na VHDX yakan rage da aikin da ba a kammala ba, `qemu-img` ya ƙi buɗe fayil ɗin ya ce akwai kundin da sai an sake bi. Ko ka bar Hyper-V ya buɗe shi ya rufe lafiya, ko ka gudanar da `qemu-img check -r all` a kan kwafi. A garuruwanmu, inda wuta ke tafiya ba sallama, wannan saƙo ba baƙo ba ne, kuma aikin da zai ɗauki sa'o'i bai kamata a fara shi ba sai da batirin tsaro ko janareta a kunne.

Yanzu ga layin da na ce:

```
qemu-img convert -p -f vmdk -O vhdx -o subformat=dynamic sabar-000002.vmdk sabar.vhdx
```

`-f` shi ne tsarin da aka fito, `-O` babban baƙi shi ne inda za a je, `-p` kuma yana nuna ci gaban aiki. In VDI kake so, `-O vdi` za ka rubuta ka cire zaɓin `subformat`. In tsohon VHD ne, `qemu-img` yana kiran sa `vpc`.

Kalmar `dynamic` tana nufin fayil ɗin zai ɗauki wurin da bayanai suka ci kawai, ya riƙa girma a hankali. Amma kada ka auna wurin da kake bukata da abin da Windows ke nunawa. Windows na iya cewa gigabait 40 aka ci, sabon fayil ya fito 70. Dalili kuwa, fayil ɗin da aka goge sunansa kawai aka cire, sektocinsa na nan da tsohon rubutu, mai sauyawa kuma sifili kaɗai yake tsallakewa. Abin da ya fi aminci shi ne ka tanadi wurin da zai ɗauki gigabait 100 ɗin duka. In kuma ta filashi ko faifan waje za a ɗauki fayil ɗin, a duba kada ya zama FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

Da an gama, kafin kowa ya kunna komai, sai a gwada:

```
qemu-img compare -f vmdk -F vhdx sabar-000002.vmdk sabar.vhdx
```

In ya ce `Images are identical.` to sekta da sekta sun yi daidai. Dole a yi wannan kafin tashin farko, domin da Windows ya tashi ya canza faifan. Ku kuma lura da iyakar wannan gwaji: yana tabbatar maka cewa abin da ka samu daidai yake da abin da ka bayar. In faifan asali ka bayar, shi ma zai ce sun yi daidai, kuma bai yi ƙarya ba.

Daga nan sai ƙorafin sabon gida, kowanne da halinsa. Hyper-V wani lokaci yakan ƙi VHDX ɗin da aka yi da `qemu-img` a kan Windows, ya ce dole fayil ɗin ya zama ba matsattse ba, ba rufaffe ba, kuma ba mai alamar `sparse` ba. Faifan lafiyarsa lau, alama ce kawai ta NTFS, ana cire ta da `fsutil sparse setflag sabar.vhdx 0`. VirtualBox yana ba kowane faifai lambar UUID, in ya ga biyu masu lamba ɗaya ya ƙi na biyun, sai an sabunta ta da `VBoxManage internalcommands sethduuid`. ESXi kuwa ba ya tayar da na'ura a kan irin VMDK ɗin da `qemu-img` ke fitarwa kai tsaye, domin wancan irin na Workstation ne, sai an sake bi da shi ta `vmkfstools -i` a kan sabar kanta. Duk waɗannan na minti biyar ne in ka san su.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne faifai ya karɓu amma na'ura ta ƙi tashi. A nan ne mutane ke komawa su sake sauyawa sau uku, da manhaja uku dabam-dabam, alhali laifin ba na sauyawar ba ne. Abu biyu ne suka fi jawo shi.

Na farko hanyar tashi. Kwamfuta tana tashi ko dai ta tsohuwar hanyar BIOS, wadda Windows ke haɗawa da faifai mai tsarin MBR, ko ta UEFI da faifai mai GPT. Hyper-V ya raba su gida biyu: Generation 1 na BIOS ne, Generation 2 na UEFI, kuma da ka ƙirƙiri na'urar ba a canza mata wannan zaɓi. Mutum yakan zaɓi na biyu don ya ga kamar ya fi sabunta, sai na'urar ta ce ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Amsar tana cikin `.vmx` ɗin nan da muka buɗe ɗazu. In ka ga layin `firmware = "efi"`, Generation 2 za ka zaɓa. In babu shi, BIOS ne, Generation 1. A VirtualBox kuma akwati ne guda mai cewa a kunna EFI. In Linux ne a kan Generation 2, Secure Boot yakan tare shi har sai an canza zaɓin zuwa Microsoft UEFI Certificate Authority ko an kashe shi.

Na biyu direban kwantirolar faifai. A nan alamar dabam ce: Windows ya fara tashi, tambarinsa ya bayyana, sai shuɗin allo mai cewa `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`, lamba `0x7B`. Ma'anarsa, tsarin ya tashi har inda zai karɓi faifan da direbansa, sai ya tarar kwantirolar da ya saba da ita ba ta nan, ta yanzu kuma bai shirya mata direba a lokacin tashi ba. A misalinmu abin yakan zo da sauƙi, domin Windows tun daga Server 2012 yana ɗauke da direbobin Hyper-V. An fi gamuwa da shi a tsofaffin Windows, ko in an nufi VMware aka zaɓi kwantirolarta ta musamman, PVSCSI. Dabarar da aka saba ita ce a ɗora faifan a kan SATA ko IDE ya tashi, a ƙara wani ɗan faifai na gigabait 1 a kan kwantirolar da ake so don Windows ya ga ta ya girka direbanta, a kashe, sannan a mayar da babban faifan can. A Linux irin wannan matsala tana zuwa ne in ƙunshin tashi na farko, wato `initramfs`, ba ya ɗauke da `hv_storvsc`, na'urar ta tsaya tana jiran faifan da ba ta gani. Sake gina shi da direbobin tun a tsohon gida ya fi sauƙi a kan ceto daga baya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya kamata a yi tun kafin a kashe tsohuwar na'ura, domin wasu ƙofofin daga ciki kaɗai ake buɗe su. A cire VMware Tools tun ana kan VMware, saboda mai cire shi yakan yi gardama in ya tsinci kansa a wata na'ura. A rubuta lambar IP da sauran saitin sadarwa a takarda, domin sabon katin sadarwa baƙo ne ga Windows, tsohon saitin zai maƙale a kan katin da ba ya nan. A Linux sunan katin kansa yana canzawa, `ens33` na VMware ya koma `eth0` a Hyper-V ko `enp0s3` a VirtualBox. Mafi hatsari kuma BitLocker. In faifan rufaffe ne kuma makullinsa yana cikin TPM na kwaikwayo, to TPM ɗin ba ya cikin faifan, ba zai bi shi ba. Sabuwar na'ura za ta nemi makullin ceto mai lambobi 48, kuma in ba a ajiye shi ba, babu umarnin da zai buɗe maka. A nemo makullin a tabbatar yana hannu, ko a warware rufin gaba ɗaya kafin tafiya.

Tashin farko a sabon gida a yi shi ba tare da haɗa katin sadarwa ba, don kada sabar biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya su haɗu a layi, kuma don kada wani ya fara aiki a kanta kafin a tantance. Sannan a kira akawun ofishin, ba ma'aikacin kwamfuta ba, ya buɗe manhajarsa ya nemo rasit na ƙarshe da ya shigar kafin a kashe, ya duba kwanan wata da adadin kuɗin. Shi ne zai gane in watanni takwas sun ɓace. Tsohuwar foldar kuma a bar ta yadda take, ba kunnawa ba gogewa, har sai an rufe lissafin wata guda a kan sabuwar.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata. Na ga wasu sun zo da kwamfutocinsu, wanda ke da faifan da ya ƙi tashi ya karanto mana saƙon da ke allon, mu duba tare.